Jerin kwasar adashi: wa za a matsar idan lalura ta taso a tsakiyar zagaye?

Ana cewa adashi ba shi da riba, abin da ka zuba shi za ka kwasa. A jimlar kuɗi haka ne. Amma duk wanda ya saba da taron adashi a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, ya san ba a cika yin rigima a kan yawan kuɗi ba, a kan jeri ake yin ta: wa zai kwasa a wannan wata, wa zai jira. Dalilin kuwa shi ne jerin nan rabon rance ne, ko da ba a kira shi da wannan suna ba.

Mu ɗauki adashin mata goma sha biyu, kowace hannu ɗaya, ana zuba sefa 10,000 a ƙarshen kowane wata daga Janairu zuwa Disamba. Kwasa ɗaya ta zama 120,000. Wadda ta kwasa a Janairu 10,000 kawai ta zuba, don haka ta tafi gida da 110,000 na mutane, za ta biya a hankali cikin wata goma sha ɗaya ba tare da ƙarin ko dala ba. Ta Disamba kuwa sai da ta zuba 110,000 a hannun wasu kafin ta ga komai. Ta farko ta ci bashi, ta ƙarshe ta ba da bashi, sauran suna tsakani. Saboda haka idan aka ce wa mace ta yi haƙuri ta matsa baya da wata ɗaya, abin da ake nema a wurinta shi ne ta rabu da amfanin 120,000 na tsawon wata guda. Ga mai sarin kaya wannan asara ce da ake iya ƙirgawa. Idan a misali jarin 120,000 yana kawo mata 5,000 a wata, to matsawar wata biyar ta cinye mata 25,000, kuma ba wanda zai rubuta wannan a littafin adashi.

Sai dai kada a ɗauka kowa gaba yake so. A arewacin Kamaru watanni ba ɗaya ba ne. Manomiya tana son kuɗinta a Mayu ko Yuni, lokacin iri da taki da kuɗin noma. Mai 'ya'ya a makaranta tana son Agusta, domin a farkon Satumba ake komawa karatu. Wadda ke sayen hatsi ta ajiye ta fi son Nuwamba ko Disamba, sa'ad da masara da dawa suka cika kasuwar Pitoa ta ranar Lahadi, kusa da Garwa, kuma farashi ya sauka, domin 120,000 ɗin kaka ya fi na tsakiyar damina cika buhu. Akwai ma wadda ta shiga adashin don ta ɓoye wa kanta kuɗi, ita ƙarshe take so. Wannan bambancin bukata shi ne babban abin da zai sauƙaƙa wa ƙungiya, amma yawanci ana zubar da shi tun ranar farko, a yi ƙuri'a a kan dukkan watanni goma sha biyu a ce an yi adalci. Ƙuri'a tana hana zargi, ban musa ba. Abin da ba ta sani ba shi ne wa ke da gona. Tana iya ba manomiya Disamba, ta ba mai ajiyar hatsi Yuni, kowace ta samu watan da ba ya yi mata amfani.

A ganina bukatu iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke ɓata adashi. Akwai bukatar da aka san ranarta: makaranta, shuka, auren 'ya, ragon layya, har da suna, tun da ciki ba ya zuwa dare ɗaya. Irin waɗannan a ranar kafa adashi ake warware su. Kowace ta faɗi watan da take so da dalilinta, wadda ba ta da abokiyar takara a watan a rubuta mata shi, a kafe, ba mai taɓawa. Idan biyu suka nemi wata ɗaya, sai su raba kwasa biyu a jere, kowace ta ɗauki rabi a Yuli rabi a Agusta, ko a yi ƙuri'a tsakaninsu su biyu kaɗai. Watannin da suka rage ba mai nema su ne na ƙuri'a. Sannan akwai bukatar da ba ta sallama: rashin lafiyar da ta kai ga kwanciya ko tiyata, rasuwa, gobara, ruwa ya rushe ɗaki. Ba a iya ba ta wata tun farko. Abin da ake iyawa shi ne a ajiye mata doka tun kafin a san a kan wa za ta faɗa.

Ga yadda abin yake kasancewa a aikace. A adashin nan namu, a ce manomiya ta kafe Yuni, mai 'yan makaranta ta kafe Agusta. Ƙuri'a ta ba mai ɗinki Afrilu, mai ƙosai Mayu, mai sayar da atamfa Yuli, mai kitso Satumba. Ana saura kwana uku taron Afrilu, aka kwantar da mijin mai kitso a asibiti, aka ce sai an yi masa aiki, ana neman 80,000. Ta zo wurin uwar adashi da dare ta ce, "Inna, ki rufa mini asiri, Satumba ta yi mini nisa."

Abin da aka fi yi shi ne uwar adashi ta aika a kira mai ɗinki ta ce mata, "'Yar nan, ki taimaki 'yar'uwarki, ku yi musaya, Allah zai saka miki." Mai ɗinki ba za ta iya kallon idon babba ta ce a'a ba, balle ana maganar mara lafiya. Sai ta ce, "To, Inna, ba komai." Ta koma Satumba. Jama'a su watse suna yabon zumuncin ƙungiya, alhali mutum ɗaya ce ta ɗauki nauyin wata biyar gaba ɗaya, ba don ta fi kowa hali ba, sai don lalurar ta faɗo a watanta. Da a Mayu mutumin ya kwanta, da mai ƙosai ce za ta sha. Wannan ba taimakon ƙungiya ba ne, taimakon mai ɗinki ne da aka karɓa da kunya. Kuma keken ɗinkin da ta yi ciniki tana jiran Afrilu, mai shi ba zai jira ta har Satumba ba.

Hanya ta biyu ita ce a sa mai kitso a Afrilu, duk waɗanda ke tsakanin Afrilu da Satumba su gusa. Da babu watan da aka kafe, da mutum biyar ne kowace za ta yi jinkirin wata ɗaya tak. Amma Yuni da Agusta ba sa motsi, domin takin da ya zo bayan masara ta wuce lokacinsa ba shi da amfani, kuma kwasar ƙarshen Satumba ta makara ga kuɗin rajista da littattafai. Don haka masu gusawa uku ne: mai ɗinki ta koma Mayu, mai ƙosai ta tsallake Yuni ta koma Yuli, mai atamfa ta tsallake Agusta ta koma Satumba, gurbin da mai kitso ta bari. Ɗaya da biyu da biyu, wata biyar ɗin nan ne dai bai ragu ba. Jinkirin ba ya ɓacewa ko ta wace hanya aka bi, abin da ake zaɓa kawai shi ne a wuyan mutum nawa za a rataya shi. Masu Oktoba zuwa Disamba ba abin da ya same su, haka waɗanda suka riga suka kwasa.

Akwai kuma tambayar da kunya ke hana yi: nawa ake bukata? 80,000 asibiti ya nema, ba 120,000 ba. Ana iya ba mai kitso 80,000 daga kwasar Afrilu, mai ɗinki ta riƙe 40,000 ta ba da kafin alƙalami na kekenta, a cika mata a Mayu, gibin 80,000 ya yi ta gangarawa ta hannun masu gusawa har Satumba, inda mai kitso za ta karɓi ragowar 40,000 ɗinta. Wannan ya rage kashi ɗaya cikin uku na nauyin da ake ɗorawa mutane, kuma ya bar wa mai lalurar wani abu da za ta tarar a gaba. Wahalarsa rubutu ne. Ƙungiyar da ba ta da mai riƙe littafi da kyau gara ta tsaya a kan gusawa kawai, domin kwasar da aka gutsuttsura ba a rubuta ba ita ce ke zama "na ba ki", "ba ki ba ni ba" bayan wata huɗu.

Yanzu ga ɓangaren da tausayi ke rufe wa mutane ido. Da mai kitso ta jira Satumba, da ranar da ta kwasa zubi uku ne ya rage mata, wato 30,000. Da ta kwasa duka a Afrilu, zubi takwas ne a kanta, 80,000. Bashin da ƙungiya ke bin ta ya ƙaru da 50,000 daidai lokacin da gidanta ya fi kowane lokaci rauni: miji yana kwance, ita tana jinya ba ta kitso. Ba maganar rashin amana ba ce, mai gaskiya ma tana gazawa idan babu. Kuma idan ta gaza, masu kwasar ƙarshen shekara ne za su tarar da kuɗinsu da gibi, su da ba a ma nemi shawararsu ba tun da ba a matsar da su ba. Shi ya sa duk wadda za a ja gaba sai an samu mai tsaya mata, kuma ba kowace mai tsayawa ba. Wadda ta riga ta kwasa a Fabrairu ba ta da abin da ƙungiya za ta riƙe, bakinta kawai ta bayar. Mai tsayawa ta gaskiya ita ce wadda kwasarta ke gaba, kamar mai Nuwamba, domin kuɗinta yana hannun ƙungiya. Uwar adashi ta tambaye ta a gaban mutane, "Hajiya, kin yarda idan ta kasa a cire a naki?" Ta amsa da bakinta, a rubuta.

To me za a saka wa waɗanda suka gusa? A kudancin ƙasar, musamman a wajen 'yan kasuwar Bamileke na Duwala da Bafusam, akwai adashin da ake yin gwanjon kwasa: wanda ya fi matsuwa ya taya da tsada ya ɗauka, kuɗin tayin kuma a tara a raba a ƙarshe. Tsarin yana da wayo, domin ba sai an zauna ana auna larurar kowa ba, kuma masu jira suna samun ladan jiransu. Amma ya dace ne da 'yan kasuwa masu neman jari. A cikinsa mai mara lafiya a asibiti tana takara da mai hangen ribar albasa, kuma mai riba ce za ta fi iya tayawa. Ban da haka, ga Musulmi akwai matsalar da ta fi wannan: tun da kwasar farko rance ce, biyan ƙari don a same ta da wuri ya shiga ƙarƙashin ƙa'idar da malamai ke faɗa, cewa rancen da aka sharɗanta masa amfani riba ne. Haka ma "ɗan abin goro" da ake sharɗantawa a ɓoye tsakanin mata biyu kafin musaya.

Abin da ya rage shi ne a biya lokaci da lokaci. A zagaye mai zuwa, mai ƙosai da mai atamfa da suka yi jinkirin wata bibbiyu su fara zaɓar watan da suke so, mai ɗinki ta biyo su, mai kitso kuma ta koma cikin na ƙarshe. Wannan yana da amfani biyu. Ya mayar wa masu haƙuri abin da suka rasa, kuma ya sa wa jan gaba farashi, ta yadda wadda bukatarta ba ta kai ta kawo ba za ta yi tunani kafin ta nema. Wasu ƙungiyoyi ma juya jerin suke yi baki ɗaya, ta farkon bana ta zama ta ƙarshen baɗi. Raunin duka biyun ɗaya ne: sai idan mutanen za su zauna zagaye na biyu. Wadda ta kwasa da wuri bana ta ce baɗi ba ta yi, ta tafi da alherin mutane. Ba a iya ɗaure ta, amma ana iya rubuta cewa duk ranar da ta dawo daga baya za ta fara.

Wace bukata ce ta isa a gusa mata? A nan ne son kai ke shigowa, don haka gara tambayoyin su zama 'yan kaɗan kuma sanannu ga kowa. Shin abin ya zo ne ba zato? Shin yana da wa'adin da ba ya ɗaguwa? Shin a kan wanda take ciyarwa ya faɗa, ko dai ɗan ƙanin kishiyar uwa ne a wani gari? Tiyatar mijin mai kitso ta cika duka ukun. Bikin da aka sa ranarsa wata shida da suka wuce bai cika ta farko ba. Arahar albasa a Meskine, kusa da Marwa, lokacin cirewa dama ce mai kyau, amma dama ba lalura ba ce. Mai son ta sai ta nemi wadda za ta yi musaya da ita don raɗin kanta, su zo su faɗa a rubuta, ba wanda za a tilasta wa gusawa.

Wani abu da dokar ba ta gani shi ne bambancin baki. Akwai macen da ciwon kai ma sai unguwa ta ji, akwai wadda za ta sayar da tukunyarta ba ta faɗa wa kowa ɗanta yana kwance ba. Idan sai an tashi a tsakiyar taro an bayyana talauci kafin a samu, to masu baki ne za su yi ta cin gaba, masu kunya su yi ta gusawa. Maganinsa shi ne a ba da ƙofar sirri amma ba ta mutum ɗaya ba. Mai lalura ta gaya wa uwar adashi, uwar adashi ta ɗauki mata biyu da aka zaɓa tun farko, waɗanda ba 'yan gidanta ba, su je dubiya. Dubiya al'ada ce, ba wanda zai ji an zo bincikensa, amma ido shida sun gani. A taro sai a ce an duba an tabbatar, ba sai an tona cutar ba. Wannan ya ƙara zama dole yanzu da zubi da yawa ke tafiya ta waya, ta Orange Money ko MoMo, mutane ba sa haɗuwa, sai ka ji an canja jeri a waya tsakanin mutum biyu.

Ana gane jerin da ya fara ruɓewa tun kafin faɗa ya tashi. Alama ta farko ita ce masu jinkirin zubi su zama waɗanda ba su kwasa ba tukuna. Wadda ta kwasa ta yi jinkiri, wannan sananniyar cuta ce. Amma idan mai Oktoba, wadda ba ta taɓa makara ba, ta fara cewa sai jibi, to ta daina yarda watanta zai zo mata yadda aka yi alkawari. Sauran alamun a littafi suke: sunaye biyu ko uku su ne kullum ke samun lalura kowace shekara, ko masu lalurar duk dangin uwar adashi ne, ko kuma littafin ma babu jeri a ciki, yana kan uwar adashi. Al'adar ba uwar adashi kwasar farko ba laifi ba ce idan kowa ya sani ya yarda, ladan wahalarta ne. Laifin shi ne ta riƙe hannu na biyu da sunan wata "ƙanwa" da ba a taɓa gani ba, hannun nan kuma ya yi ta samun larura.

Idan lalura biyu suka haɗu a wata ɗaya, raba kwasa biyu a jere ya fi auna wace cuta ta fi wata: kowace 60,000 yanzu, 60,000 wata mai zuwa. Kuma ya kamata a iyakance sau nawa za a matsar da mutum ɗaya a zagaye, misali kada jinkirinta ya wuce wata biyu. Wadda ta kai iyakarta an kafe ta ke nan kamar manomiya.

Ƙungiyoyi da yawa a nan suna da asusun agaji a gefe, kuma mutane kan zaci shi zai hana a taɓa jeri. A ƙaramin adashi ba ya kaiwa. Idan kowane hannu yana ƙara 1,000 a wata, 12,000 ke shiga, zuwa Afrilu 48,000 ne, bai kai kuɗin tiyatar ba. Yana isar ƙananan abubuwa, kamar maganin zazzaɓin yaro a damina, waɗanda bai kamata a girgiza jeri saboda su ba. Babban aikinsa kuwa yana fitowa ne idan abin da ake tsoro ya faru. A ce mai kitso ta kwashe 120,000 a Afrilu, ta lallaɓa ta zuba Mayu da Yuni, daga Yuli ta kasa. Zubi shida ya rage, 60,000. Asusun agaji ya riƙa cike 10,000 ɗin kowane wata, mai ƙosai ta karɓi kwasarta cif a Yuli, mai 'yan makaranta ma haka a Agusta. Ranar kwasar Nuwamba a cire 50,000 na wata biyar daga kuɗin mai tsayawa a mayar wa asusu, a riƙe 10,000 na Disamba. Hajiya ta koma gida da 60,000 maimakon 120,000, a daidai watan da ta shirya sayen hatsi, sauran kuma ya zama bashi tsakaninta da mai kitso. Rabin kwasa ba ƙaramin abu ba ne a ɗora wa mutum ɗaya, shi ya sa idan bashin da ya rage ya wuce zubi huɗu ko biyar, gara masu tsayawa su zama biyu, mai Nuwamba da mai Disamba, kowace ta ɗauki 30,000.